Yadda Ake Tsaftace Jerin Lambobin Kwastomomi a Excel Ba Tare da An Yi Asarar Kowa Ba

Duk shagon da ya ɗan kwana biyu yana ciniki yana da jerin kwastomomi, kuma da wuya ka samu wanda mutum ɗaya ya rubuta shi daga farko har ƙarshe. Wani ɓangare an kwafo shi daga littafin bashi, wani daga wayar maigida, wani daga hirar WhatsApp, wani kuma yaron shago ne ya buga shi cikin sauri ana tsaka da ciniki. Ranar da aka tashi tura saƙon "sabon kaya ya iso" sai matsalar ta fito fili. Mutum ɗaya ya samu saƙo uku, wani bai samu ko ɗaya ba, kuɗin saƙo ya tafi a kan lambobin da babu su, a wajen bin bashi kuma a rasa gane ko Alhaji Musa na layin sama shi ne Musa mai shadda na layin ƙasa.

Ƙa'idar da za a bi a aikin nan guda ɗaya ce. Lambar waya ce ke tantance mutum, suna yana taimakawa ne kawai. Saboda haka lambobi ake fara daidaitawa su koma siga ɗaya, sannan a nemi maimaici, sannan a zo kan sunaye. Wanda ya fara da goge maimaici kafin daidaita lambobi zai bar maimaicin gaske a ciki, domin a wurin kwamfuta 0803 da +234803 abubuwa biyu ne daban.

Mu ɗauki misalin wani mai sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari, wanda kwastomominsa suka haɗa da 'yan Kano da Zariya da masu zuwa sari daga Maraɗi. Ga layuka takwas daga jerinsa. Sunaye da lambobin na misali ne kawai.

```
A   B                     C                      D
1   Alh. Musa Danladi     0803 000 0001          Kano
2   ALHAJI MUSA ƊANLADI   +234 803-000-0001      kano
3   musa mai shadda       8030000001             Kn
4   Haj. A'isha Sani      +234 (0)806 000 0002   Zariya
5   Sa'adatu Sani         08060000002            Zaria
6   Ousmane Issoufou      +227 96 00 00 03       Maradi
7   Usman Yusuf           96000003               Maraɗi
8   Malam Habu            0803 000 004           B/Kebbi
```

Kafin ka taɓa komai

Ka yi kwafin fayil ɗin, ka ajiye na asali a gefe, ka yi aiki a kan kwafin. Sannan ka ba kowane layi lamba a ginshiƙin A, wato layin da ke tsaye na farko, daga 1 har zuwa ƙarshe. Wannan lambar ce za ta mayar da kai ga asalin rubutun duk yadda ka jujjuya jerin daga baya. Kada kuma ka yi gyara a cikin ginshiƙin da aka rubuta lamba ko suna tun farko. Duk gyara a sabon ginshiƙi ake yin sa, kusa da na asali, don ido ya riƙa ganin biyun tare.

Akwai ɓarnar da ke faruwa tun a lokacin buɗe fayil, kuma ita ce mafi muni. Idan jerin ya zo a fayil ɗin CSV, kamar wanda ake fitarwa daga ma'ajiyar lambobin waya, ka danna shi sau biyu ya buɗe a Excel, to Excel zai ɗauki lambar waya a matsayin adadi na lissafi. Adadi kuwa ba ya farawa da sifili, don haka 08030000001 zai koma 8030000001. Wannan da sauƙi, ana iya mayar da sifilin. Amma lamba mai alƙaluma 12 ko fiye, irin mai farawa da 234, Excel yakan nuna ta a taƙaice kamar 2.34803E+12. Muddin fayil ɗin yana buɗe, cikakkiyar lambar tana nan a ɓoye. Idan aka sake adana shi a matsayin CSV a wannan hali, taƙaitaccen rubutun ne zai shiga fayil, alƙaluman ƙarshe kuma sun tafi ke nan. Gobe idan ka buɗe za ka ga 2348030000000. Babu fomular da za ta dawo da su, sai dai a koma littafi ko wayar da aka kwafo. Alamar wannan ɓarna ita ce ka ga lambobi da yawa suna ƙarewa da jerin sifili, har mutane daban-daban suna da lamba iri ɗaya.

Hanyar kauce wa wannan ita ce ka buɗe Excel babu komai, ka shiga Data, ka zaɓi From Text/CSV, ka danna Transform Data, ka mayar da nau'in ginshiƙin waya ya zama Text kafin ka shigo da shi. A Google Sheets kuma File, sai Import, sai ka cire alamar da ke kan zaɓin da ke mayar da rubutu ya zama lambobi da kwanan wata.

Abu na ƙarshe a wannan mataki shi ne akwatunan da aka cusa wa lamba biyu, irin 0803…/0706…, domin mai layi biyu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ka kwafi ginshiƙin zuwa gefe, ka yi amfani da Text to Columns, ka sa alamar / a matsayin abin rabawa, ka tabbata ka zaɓi Text ga duka ginshiƙan biyu a matakin ƙarshe, in ba haka ba sifilin zai sake ɓacewa. Lamba ta biyu ta samu nata ginshiƙin.

Daidaita lambobin waya

Aikin kashi uku ne: a cire duk abin da ba alƙalami ba, a ƙirga abin da ya rage, sannan a yanke hukunci bisa tsawonsa da farkonsa. A ginshiƙin E za mu cire tarkace. A Google Sheets layi ɗaya ya isa:

```
=REGEXREPLACE(C2&"","[^0-9]","")
```

A Excel, wanda zai yi aiki a kowane tsoho ko sabo shi ne SUBSTITUTE a cikin SUBSTITUTE. Kowane ɗaya yana cire abu guda: tazara, karan ɗori, alamar tarawa, baka ta buɗewa da ta rufewa, da wata tazara ta musamman da ke biyo rubutun da aka kwafo daga intanet.

```
=SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(
C2,CHAR(160),"")," ",""),"-",""),"+",""),"(",""),")","")
```

Idan ka buga fomula ka ga ita kanta ta tsaya a akwatin maimakon sakamako, to ginshiƙin yana kan Text ne. Mayar da shi General, ka shiga akwatin, ka sake danna Enter. 'Yan'uwa na Nijar da ke amfani da Excel na Faransanci su lura cewa sunayen sun bambanta: SUBSTITUE, NBCAR, SI, GAUCHE, NB.SI, RECHERCHEV, kuma a wurin waƙafi ana sa alamar ; ne.

A ginshiƙin F sai ƙirga: `=LEN(E2)`. Ka ja fomulolin biyu har ƙasa, ka kunna Filter, ka duba tsawon da ya fito. Wannan duba na minti biyu yana faɗa maka halin da jerinka yake ciki fiye da karanta shi layi-layi. Lambar salula ta Najeriya alƙaluma 11 ce idan ta fara da sifili, 10 idan sifilin ya faɗi, 13 idan ta fara da 234, sai 14 idan an rubuta 234 aka kuma bar sifilin, kamar yadda aka yi wa Hajiya A'isha a layi na 4.

Wani lokaci za ka ga lamba da idonka alƙaluma 13 ce amma LEN ya ce 15. Ba kuskure ya yi ba. Lambar da aka kwafo daga waya takan zo da wasu alamomi biyu da ba a gani, ɗaya a gaba ɗaya a baya, masu nuna alƙiblar rubutu. CLEAN da TRIM ba sa cire su. A Excel sai ka ƙara SUBSTITUTE biyu, ɗaya na UNICHAR(8234), ɗaya na UNICHAR(8236). Fomular Google Sheets ta sama tana share su da kanta.

Yanzu hukunci. Da yawa sukan bi gajeriyar hanya: a ɗauki alƙaluma goma na ƙarshe, a manna 234 a gaba. Ni ban yarda da ita ba ga duk mai ciniki da mutanen ƙetaren iyaka, kuma layi na 6 ya isa hujja. Lambar Nijar alƙaluma 8 ce, idan aka haɗa da 227 ta zama 11, daidai tsawon lambar Najeriya. Gajeriyar hanyar za ta yanke 2 na farko, ta mayar da lambar Ousmane ta koma 2342796000003, lambar da ba ta kowa ba, kuma ba za ta nuna maka wata alamar kuskure ba. Haka lamarin yake ga Chadi, 235 da alƙaluma 8. Lambar Gana kuwa a cikin gida alƙaluma 10 ce mai farawa da sifili, sai ta yi kama da ta Najeriya da alƙalami ɗaya ya faɗi. Ta Kamaru 9 ce, da 237 ta zama 12. Don haka dole fomula ta duba tsawo da farko tare, kuma duk abin da ba ta gane ba ta ce a duba, kada ta yi hasashe. A ginshiƙin G:

```
=IF(AND(F2=11,LEFT(E2,1)="0"),"234"&RIGHT(E2,10),
IF(AND(F2=13,LEFT(E2,3)="234"),E2,
IF(AND(F2=14,LEFT(E2,4)="2340"),"234"&RIGHT(E2,10),
IF(AND(F2=10,OR(LEFT(E2,1)="7",LEFT(E2,1)="8",LEFT(E2,1)="9")),"234"&E2,
IF(AND(F2=11,LEFT(E2,3)="227"),E2,"DUBA")))))
```

Mu bi layukanmu takwas mu ga abin da ta yi. Na 1 da na 2 da na 3, masu siga uku daban-daban, duk sun koma 2348030000001. Na 4 da na 5 sun koma 2348060000002. Na 6 ya tsaya a 22796000003, lafiya lau. Na 7 ya fito DUBA, domin alƙaluma 8 ne babu lambar ƙasa, kuma fomula ba ta da hanyar sanin ko na Nijar ne ko na Chadi. Kai da kake ganin Maraɗi a ginshiƙin gari ka sani, sai ka sa masa 227 da hannunka. Na 8 ma DUBA ne: alƙaluma 10 masu farawa da sifili, ga shi ta fara da 0803, ga gari Birnin Kebbi, wato alƙalami ɗaya ya faɗi wajen rubutawa. A nan babu abin yi sai komawa littafi ko tambayar wanda ya san Malam Habu. Kada ka cike giɓin da tunaninka. Alƙalami ɗaya da ya ɓace yana iya zama kowane daga sifili zuwa tara, a kowane gurbi, kuma saƙon bin bashi da ya faɗa wayar wanda ba shi ba abin kunya ne ga shago.

Na zaɓi siga mai farawa da lambar ƙasa ne saboda ita kaɗai ce za ta ɗauki kwastoman Kano da na Maraɗi a ginshiƙi ɗaya ba tare da ruɗani ba, kuma ita WhatsApp ke amfani da ita. Na bar alamar + a waje da gangan, domin Excel yana ɗaukar abin da aka buga da + a farko a matsayin lissafi. Idan inda za ka kai jerin yana buƙatarta, sai ka ƙara ta a ƙarshe da `="+"&G2`.

Sauran gwaji biyu gajeru. Mai bugawa cikin sauri yakan sa harafin O a wurin sifili, ko ƙaramin l a wurin 1. A Excel tsawon zai fito daidai, fomula ta wuce da shi, don haka ka gwada `=ISNUMBER(E2*1)`. Duk inda ya ce FALSE akwai harafi a ciki. Na biyu, lambobin salula na Najeriya da muka saba da su suna farawa da 070, 080, 081, 090 ko 091, don haka `=MID(G2,4,2)` tare da Filter zai fito da duk wata baƙuwa a cikin masu 234. Amma kada ka ɓata lokaci kana raba mutane zuwa 'yan MTN da 'yan Airtel da 'yan Glo bisa farkon lamba. Tun 2013 aka ba mutane damar sauya kamfanin layi su riƙe lambarsu a Najeriya, don haka farkon lamba ba ya tabbatar da kamfani.

Ka tuna kuma fomula siga kawai take gani. Ba ta san ko layin yana aiki ba. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yakan karɓe ya sayar wa wani, saboda haka lambar kwastoman da ya shekara uku bai leƙo ba tana iya zama a hannun baƙo yanzu.

Maimaici: inda ya kamata a yi a hankali

A ginshiƙin H ka sa `=COUNTIF(G:G,G2)`, ka tace waɗanda suka wuce 1, ka bar masu DUBA a gefe, sannan ka jera bisa ginshiƙin G don masu lamba ɗaya su zo kusa da juna. Excel yana da maɓallin Remove Duplicates, kuma hannu yakan yi saurin kai wa gare shi. Abin da yake yi shi ne ya bar layin farko da ya tarar, ya goge sauran gaba ɗaya, ba ya tambaya, ba ya haɗa bayanai. Idan adireshin Alhaji Musa yana layi na 2, bashinsa na naira 85,000 yana layi na 3, to da dannawa ɗaya ka yafe bashin ba ka sani ba.

Dubi layi na 4 da na 5. Lamba ɗaya ce, amma A'isha da Sa'adatu mutum biyu ne. A gidajenmu wannan ba sabon abu ba ne: uwa da 'ya, ko mata biyu na gida ɗaya, suna ba da lambar maigida ko ta babban ɗa, 'yan kasuwa uku na ƙauye ɗaya suna ba da lambar direban da ke ɗauko musu kaya. Idan don tura saƙo ne, lambar ta fito sau ɗaya ya wadatar. Idan don lissafin ciniki da bashi ne, dole kowa ya tsaya a layinsa. Shi ya sa nake ba da shawarar a fitar da jeri biyu daga aikin: babban jeri mai kowane mutum, da ƙaramin jeri na lambobi zalla don saƙo. A kan ƙaramin ne kawai Remove Duplicates ba ya cutarwa.

Layi na 1 zuwa na 3 kuwa mutum ɗaya ne bisa dukkan alamu: lamba ɗaya, gari ɗaya, Musa a ko'ina. A nan ake haɗawa. Ka zaɓi layin da ya fi cika ya zama uwa, ka kwaso abin da ke sauran ka zuba a ciki, laƙabin "mai shadda" ya shiga ginshiƙin bayani tunda da shi yaran shago suka san shi. Idan akwai kuɗi, a ce a ginshiƙin M, ka tara su tukuna da `=SUMIF(G:G,G2,M:M)`, ka rubuta jimlar da hannu a layin uwa. Sauran layukan kada ka goge su nan take. Ka rubuta musu "an haɗa da na 1" a gefe, ka tace su su fita daga gani. Kafin ka fara da bayan ka gama, ka tara jimlar bashin jerin duka, ban da layukan da aka rubuta wa "an haɗa". Idan adadin biyu bai zo ɗaya ba, wani layi ya salwanta ko an ƙirga wani sau biyu.

Layi na 6 da na 7 sun nuna dalilin da ya sa lamba ke gaba da suna. Ousmane Issoufou da Usman Yusuf, babu fomular da za ta ce sunan mutum ɗaya ne, domin ɗaya rubutun Faransanci ne irin na takardun Nijar, ɗayan kuma yadda yaron shago na Kano ya ji ya rubuta. Da aka sa wa na 7 lambar ƙasarsa, COUNTIF ya ce 2, suka haɗu.

Sunaye da garuruwa

Gari da suna ba hukuncinsu ɗaya ba. Gari ana mayar da shi siga ɗaya ba tare da wata-wata ba, domin amfaninsa shi ne a iya tace jerin a ce a nuna min 'yan Zariya. Idan rabi an rubuta Zaria, rabi Zariya, wasu Zazzau, to duk lissafin da ka yi na gari ragagge ne. Hanyar da ta fi dacewa ita ce ƙaramin ƙamus. Ka fitar da duk sigogin da ke jerin, ko da PivotTable ko da `=UNIQUE(D2:D2000)` idan Excel ɗinka sabo ne ko kana Google Sheets. Ka buɗe sabon shafi mai suna Kamus, ka zuba sigogin a ginshiƙin A, ka rubuta sigar da ka zaɓa a B: Kn ya zama Kano, Zaria da Zazzau su zama Zariya, Sokoto ya zama Sakkwato, B/Kebbi ya zama Birnin Kebbi, Zinder ya zama Damagaram. Sigar da ke daidai ma ka sa ta, tana nuna kanta. Sai a babban jeri:

```
=IFERROR(VLOOKUP(TRIM(D2),Kamus!A:B,2,FALSE),"DUBA")
```

Kalmar FALSE ɗin nan wajibi ce. Idan ka manta da ita, VLOOKUP zai kawo maka abin da ya ga ya yi kusa, ya mayar da mutumin Kazaure ɗan wani gari ba tare da gargaɗi ba. Babban harafi da ƙarami ba su dame shi ba, don haka kano da KANO layi ɗaya ya ishe su a ƙamus. Amfanin ƙamus a kan gyaran hannu shi ne yana nan. Wata mai zuwa idan aka kawo sabbin sunaye ɗari, fomular za ta gyara waɗanda ta sani, ta nuna maka sabbin sigogi kaɗai.

Sunan mutum kuwa nasa ne. Wanda ke rubuta Mohammed a katinsa da asusun bankinsa, ba hurumin shago ba ne ya mayar da shi Muhammadu. Ranar da zai turo kuɗi, sunan da ke banki ne zai fito a sanarwar, kuma da shi za ka nemo shi. Don haka gyaran suna na fili ya tsaya a kan tazara da manyan haruffa: `=PROPER(TRIM(B2))`. Ko a nan akwai tarko. PROPER yana ɗaukaka duk harafin da ya biyo bayan alamar da ba harafi ba, sai A'isha ta koma A'Isha, Sa'adatu ta koma Sa'Adatu, Isma'il ya koma Isma'Il. Ka tace sunaye masu wannan alama ka gyara su, ko ka naɗe fomular da SUBSTITUTE mai mayar da 'A zuwa 'a da 'I zuwa 'i da 'U zuwa 'u.

Laƙabin girmamawa ya samu nasa ginshiƙin, domin Alh. da Alhaji da Haj. da Mal. suna hana sunaye jeruwa. Sai dai kada ka cire su da Find and Replace kai tsaye. Idan ka ce a share Alh, Alhassan zai koma assan. Idan ka ce a share Haj, Hajara ta koma ara. Abin da ya fi aminci shi ne a ciro kalmar farko ita kaɗai, a ce sunan da aka gyara yana ginshiƙin I:

```
=LEFT(I2,FIND(" ",I2&" ")-1)
```

Sai a nemi wannan kalma a wani ƙaramin ƙamus na laƙabi. Idan tana ciki laƙabi ce, a ware ta. Idan ba ta ciki, suna ne, a bar ta. Laƙabin ba abin zubarwa ba ne, domin saƙon da ya fara da "Salamu alaikum Alhaji" ya fi wanda ya kira dattijo da sunansa tsurarsa karɓuwa.

Don nemo mutum ɗaya mai layi biyu, wanda lamba ba za ta kama shi ba, ana yin ginshiƙin bincike na cikin gida wanda kwastoma ba zai gani ba. A nan ne ake amfani da ƙamus na sunaye: Mohammed, Mohd, Moh'd, Muhammadu da Mahamadou su koma Muhammad, Aisha, Aishatu da Aichatou su koma A'isha, Aboubacar ya koma Abubakar. A nan kuma ake sauke ƙugiyar haruffa, ɗ ta zama d, ƙ ta zama k, ɓ ta zama b, don Ɗanladi da Danladi su haɗu. Ka haɗa sunan farko da na biyu da gari a akwati ɗaya, ka yi masa COUNTIF. Abin da ya fito jerin waɗanda ake zargi ne kawai. Muhammad Sani na Kano zai iya zama mutum biyar a jeri ɗaya, kuma kowannensu da bashinsa. Sunaye irin su Garba da Habu da Bukar ga Abubakar, Shehu ga Usman, Binta ga Fatima, Iro ga Ibrahim, ni ba na sa su a ƙamus, domin akwai wanda Garba ne a duk takardunsa kuma ba ya amsa wani suna. Wannan sashe sai da wanda ya san kwastomomin. Ka zauna da maigida ko yaron da ya fi daɗewa a shagon, ka karanto, shi ya ce wannan da wannan ɗaya ne, wancan ƙaninsa ne. In an yi shakka, a bar su biyu. Maimaici ɗaya da ya rage asararsa saƙo ɗaya ne, amma haɗa mutum biyu a layi ɗaya yana jawo rigimar kuɗi.

Game da haruffa masu ƙugiya, idan ka ga ?anladi a wurin Ɗanladi, an adana fayil ɗin ne a sigar CSV da ba ta san haruffanmu ba. Lokacin adanawa ka riƙa zaɓar CSV UTF-8. Wajen neman waɗanda suka lalace kuma, ka buga ~? a akwatin nema, domin alamar tambaya ita kaɗai a Excel tana nufin kowane harafi, kuma Replace All da ita zai shafe duk rubutun da ke shafin.

Rufe aiki

Idan DUBA ta ƙare, ko ta rage waɗanda sai an tambayo, ka kwafi ginshiƙan da aka gyara zuwa sabon shafi da Paste Special, ka zaɓi Values, don su daina dogara da fomula. Za ka ga ɗan koren alama a kusurwar akwatunan waya yana tayin Convert to Number. Kada ka karɓa. Ka ɗauki layi ashirin daga wurare daban-daban ka gwada su da fayil na asali ta lambar ginshiƙin A, ka kira biyu ko uku ka ji ko mai sunan ne ya ɗauka. Babban jerin ka adana shi a sigar xlsx, CSV kuwa sai lokacin fitarwa kawai, kuma kada ka buɗe wanda ka fitar ka sake adana shi.

Don kada a koma gidan jiya, shafin da yara ke shigar da sabbin kwastomomi a sa ginshiƙin wayarsa a kan Text tun kafin a buga komai, a ba ƙasa nata ginshiƙin, gari kuma a zaɓe shi daga jerin ƙamus ta Data Validation maimakon bugawa. Ga lambobin Najeriya, a Data Validation ka zaɓi Custom ka sa:

```
=AND(LEN(C2)=11,LEFT(C2,1)="0",COUNTIF(C:C,C2)=1)
```

Wannan zai tsayar da gajeriyar lamba da wadda ke ciki tuni. Ka sa gargaɗin a kan Warning maimakon Stop, don lambar Nijar da ta gida mai mutum biyu su samu wucewa idan mai bugawa ya tabbatar. Ka sani dai wannan shinge yana kama abin da aka buga ne kawai. Abin da aka kwafo aka manna yana tsallake shi, don haka duk ƙarshen wata a sake jan fomulolin a kan sabbin layuka.

Jerin da aka tsaftace ya fi na da daraja, ya kuma fi haɗari idan ya fita. Mutanen nan sun ba da lambobinsu ne don ciniki da shagonka, kuma a Najeriya akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023 da ta shafi duk mai tara irin waɗannan bayanai. Ka sa wa fayil ɗin kalmar sirri, kada ka tura shi a zauren WhatsApp, kada ka bar kwafinsa a kwamfutar shagon buga takardu. Wanda ya ce a daina turo masa saƙo, kada ka goge layinsa, domin zai sake shigowa a kwafi na gaba. Ka rubuta "kada a tura" a gefensa, ka riƙa tace shi kafin kowane saƙo.